A Danna Ɗaya, A Danna Biyu: Yadda Ake Rubuta Wa Wayar Banki Magana Guda a Harsuna Da Yawa

Duk wanda ya taɓa kiran layin banki ya san muryar nan da ke tarbar mutum kafin ya kai ga ma'aikaci: domin kaza a danna ɗaya, domin kaza a danna biyu. Masu sana'ar suna kiran wannan tsari IVR. Murya ce da aka naɗa tun tuni, kuma kowace kalma da take furtawa wani ne ya zauna ya rubuta ta. A Najeriya bankuna da dama suna ba da zaɓin Turanci da Hausa da Yarbanci da harshen Ibo da Turancin buroka. Nauyin da ke kan mai rubutun shi ne ya tabbatar cewa Bahaushe da Bayarabe, in suka danna maɓalli guda, abu guda zai faru da kuɗinsu, kuma kowannensu ya san abin da zai faru tun kafin ya danna.

Aikin yana farawa ne da jadawali, tun kafin a rubuta jimla ko ɗaya a kowane harshe. Kowane mataki yana da layinsa: me mai kira yake nema, wane maɓalli zai danna, me na'urar banki za ta yi, kuma in ta yi, ana iya warwarewa ko ba a iya ba. Wannan jadawali shi ne uwa. Shi ake miƙa wa marubucin kowane harshe ya rubuta nasa kai tsaye, yadda mutanensa ke magana. Lambobin maɓallai kuwa ba sa canzawa. In 1 ce ta ɓatan kati a Turanci, to 1 ce a Hausa, domin na'urar da ke bayan muryoyin guda ce, kuma sau da yawa ɗa ne ko maƙwabci yake nuna wa dattijo inda zai danna bisa abin da ya saba ji a wani harshen. Wurin zaɓen harshe ma, kowane zaɓi da harshensa ake faɗarsa, don wanda bai jin Turanci ba zai amfana da a gaya masa da Turanci cewa akwai Hausa ba.

Mu ɗauki matakin da ya fi kowane gaggawa, wato ɓatan katin ATM. A wurin banki akwai abubuwa uku mabambanta: toshe katin kaɗai, hana fitar kuɗi daga asusun baki ɗaya, da rufe asusun. A bakin mutane kuwa, duka ukun ana iya ce musu “rufewa”. In marubuci ya yi sakaci ya rubuta “domin rufe asusunku”, mai kiran da aka sace wa kati zai tsorata ya kashe waya, ɓarawo kuma ya ci gaba da cirar kuɗi. Maganin shi ne a faɗi abin da zai faru filla-filla:

“In katinku na ATM ya ɓata ko an sace, a danna 1.”

“A shigar da lambar asusu, lambobi goma.”

“Za a toshe katin da lambarsa ta ƙare da 4, 7, 2, 9. Ba za a ƙara cire kuɗi ko yin sayayya da shi ba. Asusunku na nan, kuɗinku na nan. In kun amince, a danna 1. In kun fasa, a danna 2.”

In toshewar ta dindindin ce, dole a ƙara da cewa ko an ga katin daga baya sai an karɓi sabo, kuma wannan gargaɗi ya fito a dukkan harsunan. In ya fito a ɗaya ya ɓace a wani, an ba mutane biyu bayani iri biyu a kan mataki guda.

A lura da yadda aka gina jimlolin. Buƙata ce ke zuwa farko, lamba ta biyo baya, domin mai sauraro sai ya ji abin da ya shafe shi sannan yake kasa kunne. An yi amfani da “ku” da “a danna”, saboda muryar ba ta san ko namiji ne ko mace ke kan layi ba, ga shi kuma “ku” ya fi ladabi ga babba. An kuma guje wa tambaya mai korewa. In aka ce “Ba ku son a toshe katin?”, Bahaushe zai iya amsawa da “e” yana nufin lallai ba ya so, alhali mai Turanci “a'a” zai ce da wannan nufin. Tambaya irin wannan tana iya juya sakamakon maɓallai biyu tsakanin harshe da harshe.

Wuri na biyu da ake yawan tuntuɓe shi ne karanta adadin kuɗi. Ba a naɗar kowane adadi daban. Gutsattsarin murya ake naɗa, irin su “naira”, “dubu”, “ashirin”, “da”, “biyar”, na'ura ta harhaɗa su lokacin kira. Turanci yana fara da adadi ya ƙare da sunan kuɗi, Hausa kuwa tana cewa naira dubu ashirin da biyar. In injiniya ya bar ƙa'idar harhaɗawa ta Turanci ya sauya muryoyi kawai, abin da zai fito shi ne “ashirin biyar dubu naira”. Don haka kowane harshe sai an rubuta masa tasa ƙa'idar. Yarbanci, alal misali, yana ƙirga da ashirin-ashirin tare da ragewa, har goma sha biyar ma ashirin ba biyar ce a wurinsu.

Hausa kuma tana da nata tarkon. “Naira dubu ashirin da biyar” tana iya zama ₦25,000, tana iya zama ₦20,005. Marubucin da ya san aikinsa zai sa a maimaita sunan kuɗin a adadi na biyu, a ce “naira dubu ashirin da naira biyar”. A Nijar kuwa jama'a da dala suke ƙirga kuɗin sefa, dala ɗaya tana daidai da faran biyar, ta yadda dala ashirin ita ce faran 100. Rubutun da aka yi wa Kano ba za a ɗauke shi haka nan a kai Maraɗi ba, sai an tsai da shawarar wane ƙirge za a bi, a kuma ambaci sunansa a kowane adadi.

Gwaji shi ne ke tona asirin rubutu. A nemo masu jin harshen waɗanda ba su ga takardar ba, maza da mata, har da waɗanda ba su yi boko ba. A ba mutum waya a ce masa katinsa ya ɓata, a zuba masa ido. In ya gama, a tambaye shi me yake ganin ya faru da asusunsa. In amsarsa ta saɓa wa jadawali, rubutun ne da laifi. A nan ake gano cewa mutane da yawa ba su san sunan alamar # ba, sai an ce musu maɓallin da ke dama da sifili. Bayan an buɗe layin, alƙaluman kira ma suna nuna inda matsala take: in masu Hausa sun fi sauran katse kira ko neman ma'aikaci a wani mataki, to jimlar wannan matakin ce ke buƙatar gyara.

Abu na ƙarshe, duk lokacin da banki ya sauya wata ƙa'ida, a gyara jadawali, a sake naɗar dukkan harsunan a fitar da su rana guda. Kira gare mu masu hulɗa da bankuna kuwa shi ne, in muka ji muryar Hausa ta faɗi abin da ya ruɗe mu ko ya saɓa wa abin da ya faru da asusunmu, mu kai ƙorafi a rubuce, mu ambaci matakin da jimlar. Haƙƙinmu ne mu fahimci abin da za a yi da kuɗinmu kafin mu amince.