Sakin Layin da Ke Gabatar da Mai Bincike a Takardar Neman Tallafi

A cikin takardar neman tallafin bincike akwai wani ɗan sashe da mai nema yake bayanin kansa. Sau da yawa bai wuce sakin layi ɗaya ko biyu ba, amma tambayar da yake amsawa babba ce: in an ba wannan mutum kuɗin, zai iya kammala aikin da ya tsara cikin lokacin da ya ɗiba? Masu tantance takardu, ko na Asusun TETFund da aka kafa a Nijeriya a 2011, ko na hukumomin ƙasashen waje, da wannan tambaya suke karanta shi. Garin da aka haifi mai nema da firamaren da ya yi ba su ne damuwarsu ba.

Saboda haka ba daga tarihin rayuwa ake fara rubuta shi ba, daga jadawalin aikin ake farawa. Mai nema zai duba matakan binciken, ya ware biyu ko uku da suka fi wuya, sannan ya nemo wa kowanne shaidar cewa ya taɓa yin irinsa.

A ɗauki misali da wata malamar jami'a da ke son auna gubar aflatoksin a cikin gyaɗar da ake sayarwa a kasuwannin Kano, har da Dawanau. Guba ce da wata irin funfuna ke haifarwa a gyaɗa da masara idan ba su bushe sosai ba, kuma tana cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanta. A ce malamar ta tsara tattara samfuri 300 daga kasuwanni 10 cikin wata 24. Wurare uku ne aikin zai iya cijewa: samun yardar 'yan kasuwa su bari a ɗebi kayansu, yin awon daidai a ɗakin gwaje-gwaje, da riƙon kuɗi da ma'aikata har ƙarshe.

Idan ta rubuta cewa ita ƙwararriya ce mai himma da dogon gogayya, ba ta faɗi komai ba, domin kowa haka yake cewa. Abin da ke shiga kunnen mai tantancewa shi ne ta ce a binciken digirinta na uku ta auna wannan guba a samfurin masara 120 da hanyar gwajin ELISA, wadda ita ce za ta sake amfani da ita, kuma sakamakon ya fito a mujalla kaza, shekara kaza. Ta ƙara da cewa ta yi damina biyu tana aiki da ƙungiyar dillalan hatsi, har shugabanninsu sun ba ta takardar goyon baya da ke haɗe da wannan buƙata. Sai ta ambaci ƙaramin tallafin da ta taɓa riƙewa, nawa ne, da cewa ta miƙa rahoton aiki da na kashe kuɗi a kan kari. Wannan jimla ta ƙarshe mutane da yawa suna raina ta, alhali mai ba da kuɗi yana son sanin ko wanda zai damƙa wa amana ya taɓa sauke irinta.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wurin giɓi. A ce tsarin ya buƙaci a tabbatar da wasu sakamakon da na'urar HPLC, ita kuwa ba ta taɓa sarrafa ta ba. Yin shiru a kai kuskure ne, don mai tantancewa ɗan fannin ne, zai gani. Abin da ya dace shi ne ta faɗi abokin aikin da zai ɗauki wannan ɓangare, da ɗakin gwajin da na'urar take, kuma sunansa ya fito a kasafin kuɗi da jadawalin aiki. Haka nan in ta yi shekara biyu ba ta wallafa komai ba saboda haihuwa ko jinya, jimla ɗaya ta isa ta bayyana dalili.

Yawan wallafe-wallafe ba shi ne abin nema a nan ba. A tsarin da hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta daɗe tana amfani da shi a baya, ayyuka huɗu kacal aka riƙa barin mai nema ya ambata a ƙarƙashin bayanin kansa, don ya zaɓi waɗanda suka shafi aikin kai tsaye. Idan aikin haɗin gwiwa ne, sai ya fayyace nasa kason: shi ya tsara hanyar ɗibar samfuri, ko shi ya yi awo, ko shi ya yi ƙididdiga.

Kafin a tura, ana ajiye sakin layin kusa da cikakkiyar takardar tarihin aiki a gwada su, domin shekara ɗaya ko muƙami ɗaya da ya saɓa ya isa ya jefa shakku a kan sauran bayanan. Daga nan a sake bin sa jimla bayan jimla ana duba jadawalin aikin. Duk jimlar da ba ta tallafi wani mataki na binciken ba, a cire ta. Duk mataki mai wuya da ba a nuna wanda zai yi shi ba, a koma a cike gurbinsa.