Ko Ka Sani? Zanen da Ake Yi da Haruffa Zalla

Zanen haruffa hoto ne da ake haɗawa da alamomin da ke kan kibod kawai: haruffa, lambobi, ɗigo, karan tsaye, karan kwance da sarari. A wajen kwamfuta rubutu ne kamar kowane rubutu. Idon mai karatu ne ke haɗa alamomin su zama akwati, ko kibiya, ko fuska. Saboda haka yana shiga duk inda rubutu ke shiga, har wuraren da hoto ba ya wucewa, kamar saƙon tes, da imel na rubutu zalla, da bayanin da mai rubuta manhaja ke bari a cikin aikinsa.

Sana'ar ta girmi kwamfuta. A 1898 wata mata mai suna Flora Stacey ta zana malam-buɗe-littafi da tafireta, kodayake ita tana iya juya takarda ta buga alama a kan alama, abin da allon kwamfuta ba ya bari. Sunan da aka fi sanin zanen da shi a yau ya fito ne daga ASCII, tsarin da aka fitar a Amurka a 1963 wanda ya ba kowane harafi lambarsa. Tsarin yana da gurbi 128, amma 95 ne kaɗai ake iya bugawa, har da sarari. Da waɗannan 95 ake yin komai. Mafi ƙanƙantar zanen da ya yi suna shi ne `:-)`, wanda Scott Fahlman na Jami'ar Carnegie Mellon ya kawo a ranar 19 ga Satumba 1982 don a riƙa bambance wasa da magana ta gaske a cikin saƙo.

Asirin zanen yana cikin faɗin haruffa. Salon rubutu iri biyu ne. A na littattafai da jaridu, kowane harafi yana cin wuri gwargwadon jikinsa: `i` siriri ne, `m` mai faɗi. A na tafireta kuwa, irin su Courier, kowace alama, har sarari, tana da gida ɗaya daidai da na 'yar'uwarta, kamar takardar lissafi mai gida-gida. A irin wannan salo alama ta shida a layi na farko tana zama daidai saman alama ta shida a layi na biyu, kuma a kan wannan daidaito ne duk wani zane mai layi fiye da ɗaya ya dogara. Gwajin mai sauƙi ne: a rubuta `i` goma a layi ɗaya, `m` goma a ƙarƙashinsa. Idan layukan sun ƙare wuri guda, zane zai tsaya.

Ga misalin kwatancen gida a bakin mararraba:

```
     |   |
-----+   +-----
  babban titi
-----+   +-----
     |   | [X]
     |   |
```

Karan tsaye na farko yana da sarari biyar a gabansa, alamar `+` ta farko kuma tana da karan kwance biyar a gabanta, shi ya sa suka haɗu suka yi kusurwa. Idan wayar mai karɓa ta nuna saƙon da salon littafi, sarari yakan fi sauran alamomin ƙanƙanta, sai karan tsayen ya zame hagu ya rabu da kusurwarsa, titin ya karkace. Mai aikawa ba zai ga wannan ba, domin a nasa allon komai daidai yake. A WhatsApp ana magance matsalar ta hanyar sa alamar `` ` `` sau uku a farkon zanen da sau uku a ƙarshensa, sai manhajar ta nuna shi da salon tafireta. Saƙon tes ba shi da irin wannan dabara.

Tes yana da wani lissafi kuma. Saƙo ɗaya yana ɗaukar alama 160 idan duk alamomin suna cikin jerin haruffan GSM. Zanen da ke sama alama 77 ne, da tsallaken layi biyar, jimilla 82. Sai dai wasu alamomi, ciki har da `|` da `[` da `]` da `\` da `^`, kowace tana cin gurbi biyu. Akwai karan tsaye shida da baka biyu a zanen, don haka ainihin kuɗinsa gurbi 90 ne. Har yanzu yana cikin saƙo ɗaya. Amma haruffan Hausa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba sa cikin jerin GSM. Da zarar an ƙara kalma kamar “ƙofa”, sai saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsari wanda iyakarsa alama 70 ce, zanen ya zama saƙo biyu a wajen caji. Wasu wayoyin kuma sukan maye harafin da k maras lanƙwasa, ko da alamar tambaya.

Don haka a tes zanen layi ɗaya ya fi aminci, domin babu abin da zai daidaita da wani a sama ko ƙasa:

```
tasha --> gada --> (dama) gida na 3
```

Ko wane salo waya ta yi amfani da shi, jerin bai canza ba.

Inda zane mai layuka da yawa ya fi amfani shi ne inda aka tabbata allon kowa salon tafireta yake nunawa, kuma abin da ake son bayyanawa matsayi ne: me ke kusa da me, me ke cikin me, me ke bin me. Takardun ƙa'idojin intanet da ake kira RFC sun daɗe a haka. RFC 791, ta 1981, ta zana tsarin kan ƙunshin bayanai na IP da `+` da `-` da `|` kawai, kuma ana buɗe ta a yau a ga zanen yadda aka bar shi, alhali manhajojin zane da yawa na wancan zamani sun ɓace da fayilolinsu. Umarnin `tree` yana nuna manyan fayiloli da rassansu ta wannan hanya, haka ma `git log --graph` yake nuna yadda rassan aiki suka rabu suka sake haɗuwa. Wata fa'ida ita ce ana iya neman kalma a cikin zanen, a kwafe shi, a gyara layi ɗaya ba tare da taɓa sauran ba.

Bayan salon rubutu, abin da ya fi lalata zane shi ne tsawon layi. Tsofaffin allunan kwamfuta gida 80 suke da shi a kwance, adadin da suka gada daga katin huda na IBM, ƙa'idar imel kuma ta ba da shawarar kada layi ya wuce alama 78. Allon waya a tsaye bai kai rabin haka ba a yawancin lokuta. Layin da ya wuce iyaka yakan karye, wutsiyarsa ta faɗo ƙasa ta ture sauran. Maɓallin `Tab` ma tarko ne, domin wata manhaja tana ɗaukarsa sarari takwas, wata huɗu. Sarari zalla ya kamata a buga. Sannan gidan harafi ya fi tsawo a tsaye, kusan ninki biyu na faɗinsa, shi ya sa akwati mai alama huɗu a kwance da layi huɗu a tsaye yake fitowa dogo, sai an ninka faɗin kafin ya yi kama da murabba'i.

Makafi da ke amfani da manhajar karanta allo ba sa samun komai daga zanen, domin manhajar takan jero sunayen alamomin ɗaya bayan ɗaya, ko ta tsallake su. Saboda su, da kuma wanda zanen ya iso masa a karkace, ana sa jimla ɗaya a ƙarƙashinsa mai faɗin abin da yake nunawa, misali cewa gidan yana kusurwar kudu maso gabas ta mararrabar, idan saman zanen ne arewa.