Tanadin kuɗin garanti da bashin da bai tabbata ba

Kamfanin da ya sayar da kaya da garanti ya ɗauki bashi tun ranar ciniki, ko da kuwa babu wanda ya dawo da kayan tukuna. Ƙa'idar lissafi ta duniya mai lamba IAS 37, wadda ta fito a 1998, ita ce ke tsara yadda ake rubuta irin wannan bashi, kuma kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Nijeriya sun fara aiki da waɗannan ƙa'idoji a 2012. Akantoci suna kiransa tanadi: bashi ne na gaske, sai dai ba a san ainihin adadinsa ko ranar biyansa ba.

Sharuɗɗa uku ne ke sa a shigar da tanadi cikin littafi. Dole ya zama akwai alhaki a wuyan kamfani yanzu saboda wani abu da ya riga ya faru, ya zama yiwuwar biya ta rinjayi ta rashin biya, sannan a iya ƙiyasta kuɗin ƙiyasi abin dogaro. Ba sai an rubuta alƙawari a takarda ba. Dilan da ya saba gyara kaya kyauta har masu saye suka dogara da hakan, shi ma alhakin ya hau kansa.

A ɗauki misalin kamfanin da ya sayar da janareta 2,000 a shekara guda, kowane da garantin wata goma sha biyu. Rajistar gyare-gyarensa ta baya ta nuna cewa bayan rufe littafi, takwas cikin kowane ɗari kan dawo da ƙaramar matsala, kamar ta kafireto, wadda ke cin naira 15,000, biyu kuma kan dawo da koyil a ƙone, gyaran naira 100,000. Wato 160 za su ci naira 2,400,000, 40 kuma naira 4,000,000. Babu wanda ya san wane janareta ne zai lalace, amma idan aka dubi tarin duka, biyan ya zama kusan tabbas. Ranar rufe littafi sai a rubuta haka, Dr a ɓangaren hagu, Cr a na dama:

Dr Kuɗin garanti na shekara 6,400,000
Cr Tanadin garanti 6,400,000

Layin farko yana rage ribar shekarar da aka yi cinikin, na biyu kuma yana bayyana cikin basussukan kamfani. Ba a ware ko kobo a banki ba, abin da mutane da yawa kan fahimta a baibai. Idan shekara ta zagayo aka kashe naira 5,100,000 wajen kayan gyara da ladan makanikai, daga tanadin ake cirewa:

Dr Tanadin garanti 5,100,000
Cr Banki da kayan gyara 5,100,000

Ragowar naira 1,300,000 ana mayar da ita cikin riba da zarar wa'adin garantin ya ƙare. Da gyaran ya zarce ƙiyasi, sai ƙarin ya faɗa kan sabuwar shekara. Kamfanin da kullum tanadinsa ke yin rara mai yawa abin a sa masa ido ne, domin ta nan ake ɓoye ribar bana a fito da ita baɗi. Garantin da aka sayar daban da kuɗinsa kuwa ba ya shiga wannan lissafi, ciniki ne da ake rarraba kuɗinsa a kan tsawon wa'adin.

Bashin da bai tabbata ba yana da nasa hukuncin. A ce wani mai shago ya kai kamfanin kotu, yana cewa janaretan ne ya jawo gobara, yana neman diyyar naira miliyan 20. Idan lauyoyi suka ga za a iya faɗuwa shari'ar amma nasara ta fi yiwuwa, ba a rubuta komai a littafi. Ana dai bayyana ƙarar a cikin bayanan da ke biye da rahoton kuɗi: yanayinta, ƙiyasin abin da za ta iya ci, da dalilan rashin tabbas. Haka ma ake yi a yanayin da ba kasafai yake faruwa ba, inda alhakin ya tabbata amma adadinsa ya gagari ƙiyasi. Idan kuwa ƙarar ba ta da tushe, yiwuwar biya ta yi nisa ƙwarai, ko ambatonta ba a buƙata.

Ana sake duba matsayin a ƙarshen kowace shekara. Idan rahoton masana ya nuna laifin injin ne, lauyoyi kuma suka ce mafi rinjaye za a biya kimanin naira miliyan 12, ƙarar ta tashi daga bayani ta koma tanadi a shekarar da hasashen ya sauya:

Dr Kuɗin diyyar shari'a 12,000,000
Cr Tanadin shari'a 12,000,000

Idan inshora za ta mayar wa kamfanin wani kaso, ana rubuta shi daban a matsayin kadara, kuma sai biyan ya kusan zama tabbas, ba tare da ya wuce adadin tanadin ba.