HOTON SHAGO A WAYA: KADA A YI CINIKIN BIRI A SAMA

Lokacin noman rani, manoman shinkafa a Argungu da Birnin Kebbi sukan shiga neman injin ban-ruwa mai rahusa. A nan ne wasu 'yan'uwa ke faɗawa hannun 'yan damfara. Za a turo wa mutum hoton shagon mai sayarwa ta WhatsApp, wai an ɗauko shi daga Jumia ko Jiji, ga taurari ga yabon masu saye, sai a ce ya tura kuɗi.

Bari mu ɗauki misali. A ce wani magidanci a Gesse ya sami irin wannan hoto. An rubuta maki 4.9 cikin 5, daga mutum 20. A ƙasa kuma an nuna cewa mutum 12 sun ba da taurari biyar, mutum 5 sun ba da huɗu, mutum 3 sun ba da ɗaya. To, ya ɗauki biro ya yi lissafi. Sau 12 na biyar 60 ke nan, sau 5 na huɗu 20, a ƙara 3, jimla 83. In aka raba 83 gida 20, abin da zai fito 4.15 ne, ba 4.9 ba. Na'ura ba ta yin irin wannan kuskure. Hannun mutum ne ya taɓa hoton.

Sai kuma ya karanta yabon kansa, ya duba ranakun. Shagon gaskiya yakan tara ra'ayoyi a hankali cikin watanni, kuma ba ya rasa mai ƙorafi, ko a kan jinkirin kawo kaya ne. Amma in duk yabon ya zo cikin kwana biyu, da kalmomi iri ɗaya, babu wanda ya ambaci yadda injin ke jan ruwa ko shan mai, akwai alamar mutum ɗaya ne ya rubuta su. A Jumia, ra'ayin wanda ya sayi kayan da gaske yana ɗauke da alamar "Verified Purchase".

Sai dai fa a lura: ko lissafi ya yi daidai, hoto ba shaida ba ne. Ɗan damfara yana iya ɗaukar hoton shagon mutumin kirki, ya haɗa da lambar asusun bankinsa. Saboda haka mai saye ya buɗe Jumia ko Jiji da hannunsa, ya nemi sunan shagon, ya gwada abin da ya gani da abin da ke hoton. Kada ya bi adireshin da aka turo masa. In cinikin Jumia ne, a cikin Jumia ake biya, ba a asusun wani mutum ba. In na Jiji ne, kamfanin da kansa yana gargaɗi kada a biya kafin a ga kaya.

'Yan'uwa, gani ya kori ji. A tayar da injin, a ga ruwa ya fito, sannan kuɗi su bar aljihu.