Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Yarda da Hoton da Aka Sauya wa Tufafi

Teloli da masu sayar da shadda da atamfa ta waya sun samu sabon kayan aiki: manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke sa wa mutum wata riga a cikin hotonsa. Sai dai waɗannan manhajoji ba yanko rigar suke yi su manna ba, sake zana ta suke yi, wasunsu ma hoton gaba ɗaya suke sake zanawa. Shi ya sa hoto kan fito tsaf da kyau, alhali fuskar ba ta mai ita ba ce, rigar kuma ba wadda ke shago ba ce.

Don haka kada ku duba sabon hoton shi kaɗai. Ku ajiye hotuna uku a gabanku: na mutumin na asali, na rigar ta ainihi, da wanda manhaja ta fitar. Idan ta WhatsApp za a turo muku, a turo su a matsayin Document, domin turawa ta yau da kullum tana matse hoto ta shafe ƙananan abubuwan da kuke son gani.

A ce wani tela a Kano yana da hoton wani abokin cinikinsa a tsaye cikin kaftani, carbi a hannun dama, agogo a hagu. Yana son ya nuna masa yadda farar babbar rigar shadda mai aikin aska takwas za ta zauna masa. Ga yadda zai bi hoton daki-daki.

Fuska

Daga nan ake farawa, domin in fuska ta sauya, sauran binciken ɓata lokaci ne. Dalilin sauyawar yana cikin lissafi. Kan babban mutum kusan kashi ɗaya ne cikin bakwai ko takwas na tsawonsa. Idan manhaja ta fitar da hoto mai tsawon fiksel 1024, kuma mutumin ya cika shi daga hula zuwa takalmi, kansa bai wuce fiksel 130 zuwa 145 ba. A wannan ɗan fili, abin da ta kasa riƙewa sai ta cike da fuskar da ta saba zanawa.

Telan zai zuƙo fuskokin biyu zuwa girma ɗaya, ya nemi alamomin da suka keɓanta da mutumin: wushirya, tsagen gado, tabon sallah a goshi, furfurar gemu, faɗin hanci, siffar kunne. Waɗannan ne suka fi saurin ɓacewa, saboda manhaja tana ɗaukarsu kamar aibin da ya kamata a goge. Sannan ya gwada launin fuska da na wuya da na bayan hannu. In fuska ta fi hannu haske fiye da yadda take a hoton asali, an taɓa ta.

Akwai gwajin da ya fi ido kaifi. A Photoshop ko GIMP ko Photopea, a ɗora sabon hoton a kan tsohon, girmansu ɗaya kuma sun hau juna daidai, sai a zaɓi Difference a wurin haɗa shimfiɗun. Duk inda ba a taɓa ba zai zama baƙi. Ɗan dishi-dishi ba komai ba ne, matsin fayil kan jawo shi. Amma in idanu da baki suka fito da layi mai haske, an sake zana su. Wanda waya kawai yake da ita, ya riƙa sauya hotunan biyu da sauri a wuri ɗaya; abin da ya motsa shi aka canza.

Tsayuwa

A nan ana duba karkatar kai, tsayin kafaɗu, inda gwiwar hannu take, da inda ƙafafu suka taka. Hannu ne wurin da aka fi samun matsala, musamman inda ya haɗu da bakin riga. Telan zai ƙirga yatsu, ya ga ko carbin yana hannun dama har yanzu kuma bai narke cikin yadi ba, ko agogon yana nan a hagu. Ya kuma leƙa bayan mutumin. Layin ƙofa ko na bulo da ya lanƙwashe kusa da ƙugu yana nuna an rage ko an ƙara jiki.

Zaman riga a jiki

Manhajoji da yawa suna zana sabuwar riga ne a cikin iyakar wurin da tsohuwar ta rufe. Kaftani siriri ne, babbar riga kuwa tana da faɗi, hannayenta ana naɗe su a kafaɗa. Idan babbar rigar ta fito ta manne a jiki, siffar kaftanin ce ta biyo ta. In kuma akasin haka aka yi, aka cire faffaɗar riga aka sa matsattsiya, to jikin da ya bayyana ƙirƙirarre ne, tunda manhajar ba ta taɓa ganin abin da ke ƙasa ba.

A lura da halin yadin ma. Sabuwar shadda tana da tauri da sheƙi, tana karyewa ne da layi mai kaifi. In ta zubo laɓo-laɓo a jiki, an mayar da ita wani yadi. Inuwar ninkin rigar kuma ta faɗi ɓangare ɗaya da inuwar da ke fuska.

Wannan matakin yana da iyaka. Manhaja ba ta auna ƙirji ko tsawon hannu ba, tana zana rigar ne ta dace da kowa. Hoton na iya nuna launi da salo, amma ba zai ce rigar za ta shiga ba. Awo da tef yana nan daram.

Aikin riga

A nan ƙirge ake yi, ba kallo ba. Aljihun babbar riga yana hagun mai sanye da ita, kuma a nan aikin ya fi yawa. Telan zai tabbatar bai koma dama ba, kuma manhajar ba ta raba aikin daidai wa daida a ɓangarorin biyu ba. Sai ya ƙirga askan. In shida suka fito, ko suka cakuɗe suka zama zanen da ba shi da suna, wannan ba rigarsa ba ce. Ya duba launin zare da siffar wuya.

A atamfa, a zaɓi fure ɗaya a bi shi: girmansa ɗaya ne a ko'ina, yana maimaituwa a tazara ɗaya, yana lanƙwasa tare da ninki, yana yankewa a wurin ɗinki? A leshi a duba ramuka da duwatsu. A kaftani a ƙirga maɓallai. Rubutu da tambari kuwa a karanta su harafi-harafi, domin sukan lalace.

In an ga kuskure

Kada a ɗora gyara a kan gyararren hoto, domin kowane zagaye yana ƙara nisanta fuskar daga mai ita. A koma hoton asali, a shata wurin rigar kaɗai in manhajar tana ba da dama, a ba ta hoton rigar mai haske daga gaba. In fuska ce kawai ta kauce, ana iya maido da ta asali a kai da manhajar gyaran hoto.

Kafin a yaɗa hoton, a nemi izinin mai fuskar. In na talla ne, a faɗa wa mai saye cewa gyararre ne, a haɗa masa da hoton kayan na gaskiya, domin da shi zai gwada abin da aka kai masa.