Inda Mai Jawabi Zai Numfasa: Yadda Hadimai Ke Yi wa Takarda Alama

A ma'aikatun tarayya da ke Abuja, sau da yawa wanda aka rubuta wa jawabi ba shi ke karanta shi ba. Wani aiki kan taso wa babban sakatare, sai a miƙa takardar ga mataimakin darakta wanda bai taɓa tsayawa gaban makirufo ba. Abin da ya rage wa hadimin da ya tsara jawabin shi ne fensir da 'yan sa'o'i.

Mai fargaba numfashinsa gajarta yake yi, karatunsa kuma ya ƙara sauri. Yakan tsallake waƙafi, iska ta ƙare masa a tsakiyar jimla, ya tsaya inda bai kamata ba. Waƙafi da aya an sa su ne domin mai karatu da ido, ba su san tsawon numfashin kowa ba. Shi ya sa gogaggen hadimi ba ya yin alama shi kaɗai a teburinsa. Yakan sa mai jawabin ya miƙe tsaye ya karanta da ƙarfi, shi kuma yana ɗiga fensir a duk inda ya ji an ja iska ko murya ta shaƙe.

Alamomi uku sun isa. Sanda ɗaya (/) ɗan tsaiko ne ba tare da jan numfashi ba. Sanda biyu (//) tsayawa ce cikakkiya: a ja iska, a ƙirga biyu a zuci, a ɗaga ido. Layin da aka ja a ƙarƙashin kalma yana nufin a ba ta nauyi.

A ɗauki jimla irin wadda ake gani a takardun ofis: "Bisa umarnin babban sakatare, daga ranar 1 ga watan gobe duk ma'aikacin da bai kammala tantance takardunsa a sashen kula da ma'aikata ba, ba za a saka sunansa cikin jerin masu zama jarrabawar ƙarin girma ta bana ba." Kalmomi sun kusa arba'in, waƙafi biyu kacal. Haɗarin yana can ƙarshe. Korewa a Hausa tana buɗewa da "ba" ta rufe da "ba", kuma ta ƙarshen ce ke faɗowa daidai lokacin da iska ta ƙare. Idan aka haɗiye ta, na bayan zaure sai ya juya ga maƙwabcinsa yana tambaya: za a saka ne, ko ba za a saka ba?

Ga yadda za ta koma: "Bisa umarnin babban sakatare, / daga ranar ɗaya ga watan gobe, // duk ma'aikacin da bai kammala tantance takardunsa ba, // ba za a saka sunansa / cikin masu zama jarrabawar ƙarin girma ba. //" An cire "a sashen kula da ma'aikata" domin a faɗe shi a jimla ta gaba. An rubuta ranar da kalmomi, don kada ido ya tsaya fassara lamba. Numfashi mafi muhimmanci an ajiye shi kafin "ba za a saka", domin hukuncin ya fito da cikakkiyar murya. Idan gaɓa ta wuce kalmomi goma sha biyu kuma babu inda za a yanka ta ba tare da raba suna da abin da ke bayyana shi ba, to jimlar ce za a sake rubutawa.

Wajen ba da nauyi ne aka fi yin ɓarna. Wasu hadiman kan ja layi a ƙarƙashin kalmomi biyar a jimla guda, sai mai jawabi ya riƙa daka kowace kamar yana faɗa da jama'a. Kalma ɗaya ta isa, wadda in an rasa ta saƙon ya ɓace. A nan "kammala" ce, tunda da yawa sun fara tantancewar. A jawabin Hausa ma akwai hanya mafi sauƙi: a kawo abin gaba a bi shi da "ne" ko "ce". "Ranar ɗaya ga wata ce za a rufe" ta ɗauki nauyinta da kanta, ko da murya na rawa.

Daga nan sai a sake buga takardar da manyan haruffa, maki 16 ko 18, da tazara tsakanin layuka, a fuska ɗaya, kuma kada jimla ta tsallaka zuwa wani shafi. Jerin gaisuwar manyan baƙi, inda fargaba ta fi tsanani, kowane muƙami a ba shi layinsa da sanda biyu.

A gwaji na ƙarshe hadimi zai duba agogo. Idan jawabin da ya ci minti biyar yanzu ya kai shida, alamomin suna aiki. Idan har yanzu biyar ne, mai jawabin tsallake su yake yi, sai a maimaita da shi yana aza yatsa a kan kowace sanda biyu har ya ja iska.