Rubutun Wa Ya Fi Gyaruwa?

Idan aka ce mu zaɓi wanda rubutunsa ya fi gyaruwa a aji, sai mu nuna mai kyan hannu. Alhali kyan rubutu daban, ci gaba daban.

Ga yadda za mu tantance. A farkon zangon karatu kowa ya kwafi sakin layi mai kalmomi 50 cikin minti 5, a ƙarshen zango ya sake kwafarsa. Mu rufe sunaye, mu ba 'yan wani aji su karanta a bayyane, muna ƙirga kalmomin da suka gagare su. Kowace takarda da nata mai karatu, domin wanda ya haddace zai yi ta cinka ne.

Sannan mu duba tsabta: yawan goge-goge, tazarar kalmomi, zaman haruffa kan layi, da lanƙwasar ɓ, ɗ da ƙ, kada “ƙafa” ta koma “kafa”.

A ce kalmomi 12 suka gagara a takardar wata ɗaliba, yanzu saura 4, na maƙwabcinta kuma daga 2 suka koma 1. Rubutunsa ya fi karantuwa, amma kyautar ci gaba tata ce.